Bashin Da Ba Ka Ci Ba, Da Wanda Aka Yi Wa Ƙari

A unguwar Bronx ta birnin New York, inda Hausawan zangunan Ghana da na Nijar da Najeriya suka yi kaka-gida, akwai wata irin ambulan da kan kwana biyu a kan teburi ba a buɗe ta ba. Fara ce, ba wani ado, sai sunan wani kamfani da mutum bai taɓa jin labarinsa ba. Dokar ƙasar ce ta hana masu karɓar bashi rubuta wani abu a bayan ambulan da zai tona asirin mai gida, don haka sai ta yi kama da tarkacen tallar da ake cusa wa kowa a akwatin wasiƙu. Sai an farke ta ake ganin maganar: wai ana bin ka dala kaza, ga inda za ka biya.

Mu ƙaddara wani ɗan'uwanmu direban tasi ne ya farke irin wannan ambulan. Takardar ta ce ana bin sa dala 2,310, bashin wani katin banki. Bai musa cewa ya taɓa riƙe katin ba. Ya san an yi lokacin da aiki ya tsaya, biyan ya gagare shi, banki ya rufe katin. Amma ya kuma san cewa bayan nan wani kamfani ya neme shi, suka shirya, ya biya dala 200 sau uku. Ina aka kai waɗannan kuɗi? Kuma wannan sabon kamfanin, daga ina ya ɓullo?

Amsar tambaya ta biyu ita ke bayyana ta farko. A Amurka bashi haja ce. Idan mai katin banki ya yi kamar wata shida bai biya ba, banki kan rubuta bashin a sahun asara. Wannan ba yafewa ba ce. Ko dai ya ba wani kamfani aikin karɓowa a kan kamasho, ko ya tattara dubban irin waɗannan basussuka ya sayar da su a dunƙule. A shekarar 2013 hukumar kula da cinikayya ta tarayya, FTC, ta fitar da binciken da ta yi a kan manyan kamfanonin da ke wannan saye. Ta duba asusu kusan miliyan 90, ta gano cewa a matsakaici suna biyan kimanin santi 4 ne a kan kowace dala ta bashi. Ke nan bashin dala 1,900 zai iya sauya hannu a kan dala 76. Abin da mai saye kan karɓa galibi jadawali ne na sunaye da adireshi da lambobi, ba tare da takardar yarjejeniya ko bayanan wata-wata ba, kuma mai sayarwa kan rubuta cewa bai ɗauki alhakin sahihancin lissafin ba. Kamar dai a sayi buhun hatsi a ɗaure, da sharaɗin in an kwance an ga tsakuwa ba a mayarwa. Daga nan bashin na iya sake shiga hannu na biyu da na uku, kuma a kowace sauyawa wani abu na iya zubewa a hanya. Dala 600 ɗin direbanmu a irin wannan hanya suka zube.

Ba zargi ba ne kawai. A 2015 hukumar kare masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi, CFPB, ta ci tarar kamfanoni biyu mafiya girma a wannan sana'a, Encore Capital da Portfolio Recovery Associates, ta kuma sa su mayar wa jama'a miliyoyin daloli. Daga cikin laifin da ta kama su da shi akwai neman kuɗi da shigar da ƙararraki a kan basussukan da ba su tantance ba.

Abin da ke cikin takardar

Dokar da ke tafiyar da wannan harka, wadda ake taƙaita sunanta da FDCPA, an yi ta ne a 1977. Ta shafi bashin buƙatun kai da na iyali, irin na katin banki, asibiti, waya ko haya, ba bashin kasuwanci ba. Kuma masu karɓa a madadin wani ta fi yi wa linzami, ba ainihin bankin da ya ba da rancen ba. Ta wajabta wa kamfani ya ba mutum sanarwa a rubuce, ko dai a tuntuɓar farko ko cikin kwana biyar bayanta. Tun daga 30 ga Nuwamba 2021, sabbin ƙa'idoji sun ƙara tilasta cewa sanarwar ta zo da lissafi a fayyace.

Wannan lissafi shi ne wurin da ya kamata ido ya fara sauka, ba jimillar da aka rubuta da manyan lambobi ba. A takardar direbanmu an sa wata rana, ranar da banki ya rubuta bashin a sahun asara, aka ce a ranar ana bin sa dala 1,900. Ƙarƙashinta akwai layi huɗu. Kuɗin ruwan da ya hau tun daga ranar, dala 310. Wasu caje-caje, dala 100. Abin da ya biya, sifili. Abin da aka rage masa, sifili. Jimilla 2,310.

Kuskuren ya fito fili a layi na uku. Ya biya 600 bayan waccan rana, ga shi an rubuta bai biya komai ba. Idan aka cire, uwar kuɗin ta koma 1,300. Sannan kuɗin ruwan ma ya shiga shakka, domin in an lissafa shi a kan 1,900 ne, to an ɗora ruwa a kan kuɗin da an riga an biya. Dala 100 ɗin nan kuwa sai an nuna tushenta: doka ta hana mai karɓar bashi ƙara ko sisi na ruwa ko caji sai in yarjejeniyar asali ta ba da dama, ko wata doka ta halatta.

Akwai kuma wata rana a takardar da ta fi duk lambobin nan muhimmanci, wato ranar ƙarshe ta yin jayayya. Doka ta ba da kwana 30 daga ranar da sanarwa ta isa hannun mutum. Da yake kamfani bai san ranar da aka buɗe akwati ba, an yarda ya ƙaddara cewa ta isa bayan ranakun aiki biyar da aikawa. Takardar da aka aika ran Litinin 3 ga Maris, ana ɗaukar ta isa ran Litinin 10 ga wata, wa'adi ya cika ran 9 ga Afrilu. Ba sai ka yi ta ƙirga da yatsu ba, dole ne su rubuta ranar ƙarara. Wanda ya tafi gida hutu ko ya tafi Umra ya bar wasiƙu suna taruwa, yana iya dawowa ya tarar rabin kwanakin sun tafi.

Kafin a kai ga alƙalami, sai wayar ta yi ƙara

Yawanci ba a barin takarda ta yi aiki ita kaɗai. Direbanmu yana tsaye a layin filin jirgi yana jiran fasinja sai ga kira. Muryar mai ladabi ce. Ta tabbatar da sunansa, ta ce sun san halin da ake ciki, ba sa son takura masa. Shi kuma ya shiga bayani, ya rantse ya biya ɗari shida, ya ambaci watannin. Muryar ta ce ba komai, za a duba. “Amma ko dala 25 ka fara sakawa yau, don a ga kana da niyya.”

A nan ne tarbiyyarmu kan yi mana ƙafar ungulu. Mun taso muna jin cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma kuma mun taso muna jin kunyarsa. Wanda ake bi shi ke sassauta murya, shi ke ba da haƙuri, shi ke kawo ɗan abin da ya samu don a san bai yi niyyar cinyewa ba. Tsakanin maƙwabta a Fagge ko Nima wannan hali ne na mutunci, domin mai bin ka ya san ka, ya san nawa ya ba ka, kuma gobe za ku haɗu a masallaci. Wanda ke wayar nan bai ba ka komai ba. Layi ɗaya yake karantawa a jadawalin da kamfaninsa ya saya.

Dala 25 ɗin nan tana da illa biyu. Ta farko, za a iya kafa hujja da ita daga baya cewa ka amsa bashin. Ta biyu ta fi tsanani. Kowace jiha tana da wa'adin da in ya wuce ba a iya kai mutum kotu a kan bashi, galibi tsakanin shekara uku zuwa shida. A jihohi da dama, biyan wani ɗan abu yana sake tayar da wannan agogo daga farko, bashin da ya riga ya mutu a idon kotu ya farfaɗo. Jihar New York ta toshe wannan ƙofa: tun Afrilun 2022 wa'adin irin wannan bashi shekara uku ne, kuma biya bayan wa'adi ya cika ba ya raya shi. Amma mutanenmu ba a New York kaɗai suke ba, kuma wanda ya koma wata jiha ya shiga wata doka.

Rantsuwar da ya yi a waya ma ba ta tsayar da komai ba. Jayayyar baki tana da ɗan amfani, amma abin da ke tilasta wa kamfani ya dakata shi ne jayayya a rubuce cikin kwana 30. Don haka abin faɗa a waya kaɗan ne: sunanka wa, sunan kamfaninku me, ina adireshinku, ban yarda da wannan bashi ba, zan rubuto muku. Sai a rubuta rana da lokaci da sunan mai kiran a ɗan littafi. Ba a ba da lambar asusun banki, ba a cika musu lambar shaidar zama ɗan ƙasa ko ta aiki da sunan tantancewa.

Wayar kan kuma tona asirin 'yan damfara, domin akwai masu kiran mutane a kan bashin da babu shi sam. Alamarsu ba ta ɓuya. Ba sa ba da adireshi, ba sa yarda su aiko da takarda, suna son kuɗi yau-yau ta katin kyauta ko ta hanyar da ba a iya dawo da kuɗi. Kuma suna son tsoratarwa: za a kama ka, za a gaya wa hukumar shige da fice. Baƙo a ƙasar mutane wannan kalma kaɗai ta isa ta sa hanjin cikinsa ya kaɗa. Ba a ɗaure mutum a Amurka don ya kasa biyan katin banki ko kuɗin asibiti, kuma doka ta haramta wa mai karɓar bashi yin barazanar abin da ba shi da ikon yi. Kamfanin gaske ma yana da iyaka: ba kira kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan 9 na dare, kuma in kira ya wuce sau bakwai cikin kwana bakwai a kan bashi ɗaya, ana ɗaukarsa a matsayin takurawa.

Takardar da za ka rubuta

A ƙasan sanarwar yawanci akwai wani yanki da ake yagewa, mai 'yan akwatunan da za a yi wa alama: wannan ba bashina ba ne, adadin ba daidai ba ne, ko wani dalili. Yin alama a aika ya wadatar a doka. Amma ni ina ganin mai hujja a hannu bai kamata ya tsaya nan ba. Alama kaɗai tana cewa “ban yarda ba”, kuma amsar “ban yarda ba” mai sauƙi ce. Wasiƙar da ta ce “ga inda kuka yi kuskure” ita ce ke da wuyar tsallakewa.

Ta direbanmu ba ta wuce rabin shafi ba. Ya sa kwanan wata, sunansa, adireshinsa, da lambar da kamfanin ya ba asusun. Ya ce yana jayayya da adadin da ake nema. Ya ce ya biya dala 200 sau uku ga kamfanin da ya fara riƙe bashin, ya jera ranakun, ya ce ga kofen bayanan bankinsa da ke nuna fitar kuɗin. Ya nemi a aiko masa da suna da adireshin mai bashin na asali, da cikakken lissafi tun daga ranar da aka rufe katin, da sashen yarjejeniyar da ya ba da damar ruwa da cajin dala 100, da shaidar cewa bashin ya shigo hannun wannan kamfani. Shi ke nan. Bai ba da labarin rashin aikin da ya yi ba, bai ba da haƙuri ba, bai yi alkawarin biyan komai ba. Kofe ya aika, ainihin takardun suna gida, kuma ya shafe lambobin asusunsa da sauran harkokin da ba su shafi maganar ba.

Sai ya je gidan waya ya aika ta a matsayin wasiƙar rajista mai neman sa hannun wanda ya karɓa. 'Yan daloli ne. Bayan kwanaki wani ɗan koren kati ya dawo masa ɗauke da sa hannu da kwanan wata. Wannan kati shi ne shaidarsa in wata rana aka ce ba a ga wasiƙar ba. Kamfanoni da yawa suna karɓar jayayya ta imel ko ta shafinsu na intanet, kuma hakan na aiki, matuƙar an adana hoton abin da aka aika da ranarsa.

Da zarar wasiƙar ta isa cikin wa'adi, dole kamfani ya dakatar da neman kuɗin da ake jayayya a kai har sai ya aiko da tabbaci a rubuce. Ba kira, ba wasiƙar neman biya. Idan kuma yana kai rahoton bashin ga kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin jama'a, dole ya nuna cewa ana jayayya a kansa. Wanda wa'adi ya kuɓuce masa bai rasa komai da komai ba. Doka ta faɗa ƙarara cewa shirun mutum ba amsa bashi ba ne a gaban kotu, kuma zai iya rubutawa ko yaushe. Abin da ya rasa shi ne ikon tilasta musu su dakata.

Kada kuma a haɗa wannan wasiƙa da wata mai kama da ita, wadda ake cewa kamfani ya daina tuntuɓar mutum kwata-kwata. Ita ma doka ta ba da damarta, kuma wayar za ta yi shiru. Amma bashin yana nan, lissafin bai gyaru ba, kuma ka rufe duk ƙofofi ka bar musu ta kotu.

Inda dokar ta gaza

Masu ba da shawara da yawa kan tsaya a daidai nan, kamar an gama. Ba a gama ba. Dokar ba ta sa wa kamfani ranar da zai amsa ba. Yana iya yin shiru har abada, matuƙar bai ci gaba da nema ba. Wasu haka suke yi: bashin da aka saya a kan dala 76 bai cancanci wahalar tono takardu ba, sai a ajiye shi, ko a mayar wa mai shi, ko a sayar wa wani. Bayan wata takwas sai ga sabuwar ambulan daga sabon kamfani, da lambar nan dai ta 2,310, wataƙila ma ta ƙaru. Babu abin yi sai a sake aika wasiƙar, da sabon kwanan wata, a haɗa da kofen ta farko da koren katinta. Shi ya sa ba a zubar da fayil ɗin don an ji shiru.

Na biyu, abin da ake kira tabbaci ba shi da nauyin da sunansa ke nunawa. Wasu kotunan ɗaukaka ƙara sun yanke cewa ya isa kamfani ya tabbatar a rubuce cewa adadin da yake nema shi ne wanda mai bashin ya ce ana bi. Wasu kotunan sun nemi fiye da haka, amma kada mutum ya sa ran lallai sai an kawo masa takardar da ya sa wa hannu. Direbanmu abin da ya samu shi ne kofen bayanin wata na ƙarshe daga banki, mai nuna dala 1,900. Gaskiya ne, amma bai taɓa tambayar ba, domin kuɗin da ya biya bayan wannan takarda ya biya su.

A nan ne amfanin jera ranaku ya fito. Ya sake rubutawa ya ce takardar da suka aiko ta riga biyan da ya yi, kuma yanzu suna da shaidar biyan a hannunsu. Dokar ta haramta faɗin ƙarya game da adadin bashi, kuma kamfanin da ya ci gaba da neman 2,310 bayan an ɗora masa shaidar 600 a kan teburi ya shiga hatsari. Sannan ya shigar da ƙorafi a shafin CFPB, wanda kyauta ne, kuma hukumar kan tura wa kamfani ta nemi amsa, yawanci cikin kwana 15. Ofishin babban lauyan jiha ma yana karɓar irin wannan. Wanda aka karya masa doka yana da shekara ɗaya ya kai ƙara, kuma kotu na iya ba shi diyyar asarar da ya yi, da ƙarin da bai wuce dala 1,000 ba, da kuɗin lauya. Saboda wannan na ƙarshen ne ake samun lauyoyin da ke karɓar irin wannan shari'a ba tare da sun nemi kuɗi a gaba ba.

Idan bashin ba naka ba ne sam

Wannan ya fi kusa da mu fiye da yadda ake zato. Ibrahim Musa nawa ne a Bronx? Muhammad Abubakar fa? Ga shi mutanenmu da yawa fasfo ɗinsu ya ce 1 ga Janairu aka haife su, saboda ba a rubuta ainihin ranar ba. Ga samari huɗu ko biyar a ɗaki ɗaya, wannan ya tashi wancan ya shigo, adireshi bai sauya ba. Na'urar da ke haɗa suna da ranar haihuwa da adireshi ba ta san ɗan Kumasi daban, ɗan Maraɗi daban ba.

Wasiƙar iri ɗaya ce, sai dai ta fi gajarta: ban taɓa buɗe wannan asusu ba, ku aiko da sunan mai bashin na asali da bayanan da aka buɗe shi da su. Ba aikinka ba ne ka nuna musu inda takwaranka yake. Sannan a duba rahoton tarihin bashi a manyan kamfanoni uku da ke ajiye shi, Equifax da Experian da TransUnion, wanda ake samu kyauta a AnnualCreditReport.com. In bashin ya bayyana a can, sai a rubuta wa kowane ɗayansu daban, domin wannan wata doka ce ta dabam: suna da kwana 30 su bincika, wani lokaci har 45, kuma abin da ba a iya tabbatarwa ba dole a goge shi. Ba ƙaramin abu ba ne, domin irin wannan tabo na iya zama shekara bakwai, kuma mai gidan haya da mai ba da rancen mota duk suna dubawa. Idan kuwa ya bayyana cewa wani ne ya ci bashin da sunanka da gangan, sai a cike rahoton satar suna a IdentityTheft.gov a haɗa da wasiƙun.

Mai karatu a Kano ko Kaduna zai ga wani abu da ya sani a nan. Manhajojin ba da rance a waya sun sha kiran mutane su ce wane ya sa ka a matsayin mai tsaya masa, alhali abin da ya faru kawai lambarka tana cikin wayarsa. Wa'adin kwana 30 na Amurka ne, ba ya aiki a Najeriya, amma hankalin ɗaya ne: a nemi takardar da ka sa wa hannu, a adana saƙonnin, a kai ƙorafi hukumar kare masu saye, FCCPC, wadda ta kai samame ofisoshin wasu daga cikin waɗannan kamfanoni a Legas a 2022. In banki ne, shi ake fara rubuta wa, in bai warware ba a ɗaukaka zuwa Babban Banki. Dokar 'yan sanda ta 2020 kuma ta hana kama mutum a kan saɓanin yarjejeniya kawai, ko da yake kowa ya san tsakanin abin da ke rubuce da abin da ke faruwa a caji ofis akwai tafiya.

Sammaci

Akwai takarda guda da duk abin da aka faɗa a sama ba ya maganinta, kuma a kanta aka fi yin asara. Idan sammacin kotu ya zo, wasiƙar da ka aika wa kamfani ba amsa ba ce. Alƙali bai gan ta ba. Dole a je kotun a shigar da amsa cikin kwanakin da aka rubuta, wanda a birnin New York kwana 20 ne in hannu da hannu aka ba ka, 30 in ta wata hanya ce. Wani binciken cibiyar Pew na 2020 ya nuna cewa a wuraren da aka duba, fiye da kashi 70 cikin 100 na ƙararrakin bashi sun ƙare ne da hukunci a bayan idon wanda ake ƙara, saboda bai amsa ba. Da wannan hukunci ake riƙe asusun banki ko a riƙa yankar albashi, wanda dokar tarayya ta yarda ya kai kashi 25 cikin 100 na abin da ke shiga hannun ma'aikaci, ko da yake wasu jihohin sun rage.

Abin takaicin shi ne a kotu ne nauyin ke komawa inda ya dace. Wanda ya taɓa zama a kotun alƙali a gida ya san ƙa'idar: mai da'awa shi ke kawo hujja. Haka take a can. Kamfanin da ya sayi bashi sai ya nuna cewa kai ne ka ci, ya nuna yadda lambar ta kai haka, ya kuma nuna takardun sayarwa daga banki zuwa hannu na farko, daga na farko zuwa nasa, ba tare da giɓi ba. Wanda ya sayi buhu a ɗaure ba kullum yake da waɗannan ba. A amsar da ake shigarwa ne ake faɗin cewa adadin ba daidai ba ne, ko bashin ba nawa ba ne, ko wa'adinsa ya wuce. Wannan na ƙarshen in ba a ambata shi ba, kotu ba lallai ta ɗago shi da kanta ba.

Direbanmu bai kai nan ba. Mu ce bayan ƙorafinsa kamfanin ya aiko da sabon lissafi, an cire 600, an cire cajin 100, an sake auna ruwan. Abin da ya rage bashi ne na gaskiya, ya ci, kuma yana son ya sauke. Ko a nan bai biya ta waya ba. Ya nemi a rubuto masa adadin, da cewa in ya biya shi an rufe asusun baki ɗaya, ba sauran da za a sayar wa wani. Da takardar ta zo ya biya da cekin banki, ya karɓi shaidar kammalawa, ya haɗa ta da sanarwar farko da wasiƙunsa biyu da koren katin, ya sa a ledar da yake ajiye fasfo. Bayan wata biyu ya sake buɗe rahotonsa a kamfanonin nan uku. Biyu sun gyara. Na ukun har yanzu yana nuna 2,310, sai ya zauna ya rubuta masa.